Minti 13 kafin silindar ta fashe

Tun ranar Alhamis ake ta kirana ana jajanta min gobarar shagon kafintocin nan da ɗan yayata yake koyon aiki, wasu kuma sun turo min bidiyon da ke yawo suna tambaya ko gaskiya ne an rasa rai. Alhamdulillahi ba a rasa rai ba. Yara biyu ne suka ji rauni, ɗayansu shi ne namu, yana kwance a asibiti da ƙuna a ƙafafu, yana samun sauƙi. Na gode da addu'o'inku, Allah ya bar zumunci.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan dogon bayani shi ne yadda ake ba da labarin a gari. Kowa cewa yake “tukunyar gas ce ta fashe”, a ja Innalillahi, a wuce. In ka ji haka sai ka ɗauka abu ne kamar tsawa, ya faɗo lokaci guda babu abin da wani zai iya yi. To ni ina wurin, kuma ba haka aka yi ba. Na zauna da yaran, na duba lokacin kiran da ke wayata da na bidiyon da mutane suka ɗauka, na jera abin daki-daki. Tsakanin tashin wutar da fashewar silinda akwai kimanin minti 13. Duk raunin da aka ji da yawancin asarar da aka yi, yadda muka kashe waɗannan mintocin ne ya jawo su. Na ce “muka” don har da ni.

Ba zan faɗi sunan shagon ko na mai shi ba, bawan Allah yana cikin jarrabawa, kuma irin shagonsa sun fi a ƙirga a Dutse. Amma sai kun san fasalin wurin za ku gane labarin. Shago ne dogo, zai kai taku goma sha biyar daga ƙofa zuwa ƙurya, faɗinsa bai wuce taku shida ba. Ƙofa ɗaya ce, ta ƙarfe, a gaba. Akwai taga ɗaya a baya, an yi mata rodi saboda ɓarayi. A gaba ake jera kujerun da aka gama don masu wucewa su gani, a tsakiya injin yankan katako da teburin aiki, a baya kuma an tare ƙurya ɗaya da falanki an mai da ita kicin, inda yara ke dafa taliya ko shinkafa da wake da rana. A jikin wannan falankin aka jingina soson kujeru, tsayinsa ya kusa taɓa silin, ga galan-galan na gam da tina da fenti a ƙasa. A cikin kicin ɗin silinda biyu ce: babba mai kilo 12.5 da ake girki da ita ta tiyo, da ƙarama mai kilo 6 wadda aka ciko kwana biyu kafin nan aka tura ƙarƙashin benci.

Na sha zama a shagon nan ina shan shayi. Na sha ganin wannan tsarin da idona. Ban taɓa cewa uffan ba.

Gobarar ta fara tun da safe, wutar ce kawai ta jira rana. Yaran sun ce tun wajen ƙarfe goma suke jin wari-wari a baya, amma a shagon da ake aiki da gam da tina wa zai tsaya bambance wari? Tiyon ya tsufa ya tsattsage daga bakin regileta, an taɓa yanke shi an mayar, aka ɗaure da robar tayar keke maimakon maɗaurin ƙarfe. Bayan shayin safe an kashe kan girkin, amma ba a rufe daga silinda ba. Saboda haka awa uku zuwa huɗu gas yana tsiyaya a hankali.

Ga abin da da yawanmu ba mu sani ba. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, kusan ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. Ba ya tashi sama ya bi taga kamar hayaƙi, kwanciya yake a ƙasa kamar ruwa, ya taru a ƙurya da ƙarƙashin benci. Mutum yana tsaye hancinsa na sama, warin da zai ji kaɗan ne, alhali ƙafafunsa na cikin gas. Kuma ba ya bukatar yawa. In ya kai kamar kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, ashana ɗaya ta isa. A cikin silinda ruwa ne, in ya fito lita ɗaya takan zama kimanin lita 250 ta iska. Ku auna da ƙuryar da ba ta fi ɗakin wanka girma ba.

Ƙarfe 1:41 ɗan yayata ya shiga ɗora tukunya. Ya ƙyasta ashana, sai wuta ta bi ƙasa fuu, kamar an shimfiɗa tabarma. Shi ya sa ƙunarsa daga gwiwa zuwa ƙasa take, fuskarsa ba abin da ya same ta sai gashin gira. Wandon da ke jikinsa irin na ƙwallo ne na roba, ya narke ya manne masa. Ya fito da gudu yana ihu, gudun ya ƙara hura wutar. Wani magidanci da ya zo duba gadonsa ne ya kayar da shi ƙasa ya lulluɓe shi da babbar rigarsa. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri, ko sunansa ban samu ba.

Wannan wutar ta farko ba ta daɗe ba, ta cinye gas ɗin da ya taru ta mutu. Abin da ya rage harshen wuta ne guda a bakin tiyo, tsayinsa kamar kamu biyu, yana huci. A nan ne, a ganina, aka yi asarar shagon. A cikin minti na farko da na biyu wutar nan ƙarama ce, silindar ba ta yi zafi ba, kuma makunnin regileta yana nan lafiya. Da an samu mutum ɗaya da ya san abin yi, ya naɗe hannunsa da jiƙaƙƙen buhu ya zagayo ta bayan harshen ya rufe, da yanzu labarin tiyo ɗaya muke yi. Wutar gas abincinta gas ne, in ka yanke shi ta mutu.

Amma babban yaron shagon, da kyakkyawar niyya, sai ya ɗauko bokitin ruwa ya sheƙa. Ruwan bai kashe komai ba. Da ma ya kashe ɗin, da ya fi muni, domin in ka kashe harshen ba ka rufe gas ba, zai ci gaba da fita babu wuta ya sake taruwa, ya jira tartsatsi na gaba. Da ya ga ruwa bai yi ba sai ya sa ƙafa ya shuri silindar wai ya nisanta ta daga soso. Ta faɗi a kwance. Silinda in tana tsaye iska ce ke fita ta samanta, in ta kwanta ruwan gas ɗin ne da kansa yake isowa baki. Harshen kamu biyu ya koma ya fi tsayin mutum, kuma ya juya kai tsaye ya nufi falankin da soso ke jingine.

Daga nan maganar kashewa ta ƙare, saura maganar fita. Duk wanda ya taɓa ganin soso ya kama wuta ya san abin da nake nufi. Narkewa yake yana ɗiga da wuta, yana fitar da baƙin hayaƙi mai kauri, kuma hayaƙin guba ne, shaƙa kaɗan ke jirkita mutum. Wajen 1:44 rabin shagon na baya ba a ganin komai.

Lokacin ne na iso. Na taso daga Sakatariya zan biya in ba yaron saƙon mahaifiyarsa, na tsaya alwala a masallacin bakin layin, sai na ji ihu. Abin da na tarar a ƙofar nan ba zan manta da shi ba. Mutum shida ne a ciki lokacin da abin ya faru, kuma hanyar fita tsakanin kujerun da aka jera ba ta wuce ta mutum ɗaya ba. A bakin ƙofar kuma an kafe babur, don inuwa. Masu fitowa suna turo kai, masu shiga ceton kaya suna tura kai, an cushe. Wata doguwar kujera da aka jawo ta maƙale a ƙofar, ta toshe rabinta, aka ɗauki kusan minti guda ana ja ana turawa.

Ban ga laifin mai shagon da zuciyarsa ta tafi kan kaya ba. Kayan ɗakin amare biyu ne a wurin, an karɓi kuɗin mutane, biki saura mako uku. Duk wanda ya san nauyin amana ya san abin da ke ransa. Amma a duk tsawon wannan lokacin babu wanda ya ƙirga mutane. Ni da na zo daga waje ne na kama hannunsa na ce, “Oga, yaranka nawa ne yau?” Ya dube ni kamar bai gane Hausa ba. Ya fara lissafi da yatsu, ya kai biyar ya tsaya. Ɗan yayata yana kwance a ƙasa cikin azaba, shi ne ya ɗago ya ce, “Kawu, ƙaramin yana bayan allunan, barci yake.”

Yaro ne ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu, bai yi wata biyu da fara zuwa ba. Zazzaɓi yake yi, ya samu lungu bayan allunan katako ya kwanta. Wannan ya kama 1:47, minti shida da tashin wuta. Ta ƙofa ba a shiga. Muka zagaya baya, ga yaron a jikin taga ya riƙe rodi yana tari, ko ihu ba ya iyawa. Rodin da aka sa don ɓarawo shi ya tsare shi. Allah ya sa akwai mai walda a layin, ya zo da guduma da wani dogon ƙarfe, samari uku suka taru suka ɓalle rodi biyu daga jikin bulo, aka zaro shi ta kafaɗa. Hannayensa sun ƙuje, ya shaƙi hayaƙi sosai, kwana biyu ya yi ana ba shi iska a asibiti. Da bulon nan na kirki ne mai siminti sosai, ban san abin da zan rubuta yau ba.

Wani abin kunyar kuma, sai a 1:48 aka kira 'yan kwana-kwana, kuma ni na kira. Minti bakwai, mutum sun fi hamsin a wurin, waya a hannun kowa, amma kowa ya ɗauka wani ya kira. Ni ma sai da na kira wani abokin aikina ya turo min lamba, don ba ni da ita. Ma'aikacin gwamnati, shekara kusan ashirin a aiki, ina da lambar mai gyaran janareta da ta mai kawo ruwa, ba ni da ta masu kashe gobara.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya a yi tunani. Bayan an fito da yaron, sai hankalin kowa ya kwanta, aka koma kallo. Jama'a suka yi dafifi a gaban shagon, wasu bai fi taku goma tsakaninsu da ƙofa ba, an ɗaga wayoyi. Yara 'yan makaranta da aka taso suna kutsawa gaba. Na ji wani yana cewa ai gas ɗin ya riga ya ƙone, ba sauran haɗari. Kowa babbar silindar yake tunani. Babu wanda ya tuna da ƙaramar da ke ƙarƙashin benci, cike, a rufe, wuta na lasarta.

Ita ce ta fashe, 1:54. Dalilin kuwa a fili yake. Babbar tana da inda take fitar da gas ɗinta, tana ƙonewa tana raguwa. Ƙaramar ba ta da mafita. Zafi yana tafasa ruwan da ke cikinta, matsi yana ƙaruwa, ƙarfen samanta inda babu ruwan da zai sanyaya shi yana laushi, har ya kai inda ba zai iya riƙewa ba ya yage. Abin da ke ciki ya fito gaba ɗaya ya kama. Shi ya sa ma ba a cika silinda har wuya, ana barin kamar kashi ɗaya cikin biyar don gas ya samu wurin buɗewa, kuma mai sayarwar da ya danna maka fiye da ƙima ba alheri ya yi maka ba. Silindar da ta yi shiru a cikin wuta ta fi mai huci haɗari, kuma ba ta ba da sanarwa.

Ƙarar ta ɗaga kwano huɗu na rufin baya. Bangon da muka tsaya a jikinsa muna ɓalle rodi minti biyar kafin nan ya tsage daga sama har ƙasa, bulo ya zubo daidai inda ƙafafunmu suke. Gindin silindar ya fita ta rufin, aka tsince shi a bayan wani gida, na auna da ƙafata washegari, taku sittin da 'yan kai. Da ta ƙofa ya fito, tsakiyar taron nan zai bi. Mutane suka watse ana tattake juna, wata baiwar Allah mai sayar da awara ta faɗi ta gurɗe, man suyarta ya kife.

Jama'a, mu a Jigawa bai kamata a sake koya mana wannan karatun ba. Daren 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura, mutane suka matso, ta kama, muka rasa sama da mutum 150. Allah ya jiƙansu ya gafarta musu. Na san za a ce wancan talauci ne ya kai mutane ɗibar mai. To na ranar Alhamis me ya kai mu? Babu abin ɗiba, kallo ne kawai da ɗaukar bidiyo. Kuma ba sai kana cikin shagon abin yake samunka ba. Ranar 4 ga Janairu 2020 da gas ya tashi a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha, Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, wanda yake shagon aski a kusa. A namu layin, tela da ke jikin shagon yana ciki yana kwashe ɗinkin mutane har lokacin da silindar ta fashe. Babu wanda ya ce masa ya fito.

'Yan kwana-kwana sun iso bayan fashewar, sun yi ƙoƙari, su suka hana wutar cin sauran layin. Na lura abu na farko da shugabansu ya tambaya shi ne silinda nawa ce a ciki kuma a ina suke, sannan suka tsaya daga nesa suna zuba wa babbar ruwa har ta huce kafin kowa ya matsa. Wannan tambayar ce ya kamata mu yi wa kanmu tun 1:42.

Asarar da aka yi ta bi tsarin shagon sak. Ƙuryar kicin da soson babu abin da ya rage sai toka da waya. Injin yankan katako ya ƙone, na'urar feshin fenti ta narke, allunan katako sun zama gawayi. Kujerun gaba da wuta ba ta taɓa ba, hayaƙi da ruwa sun lalata yadinsu. Abin da aka tsira da shi kujera uku ne da kan gado ɗaya, su ne aka toshe ƙofa saboda su yaro yana ciki. Tela ya rasa silin da keke ɗaya. Babu inshora, kamar yadda kuka sani.

Sai maganar ƙunar, don ita ma an so a yi ɓarna. Kafin in dawo daga bayan shagon har an kawo ɗanyen ƙwai da man goge baki, wani yana cewa a samo baƙin mai. Na hana, har muka yi sa-in-sa da wani dattijo, Allah ya ba shi haƙuri. Abin da ƙuna ke so ruwa ne mai tsabta, ba ƙanƙara ba, a yi ta kwarara mata kamar minti 20, kada a fizge tufar da ta manne, a rufe da ƙyalle mai tsabta a tafi asibiti. Jarkokin mai ruwa biyu muka juye masa. Ma'aikaciyar jinyar da ta karɓe mu ta ce min aikinsu ya fi sauƙi in ba sai sun fara kankare abin da aka shafa ba.

Na san wani zai rubuto min a ƙasa cewa ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Na yi imani da haka. Amma robar tayar keke a bakin tiyo mu muka ɗaura, babur a ƙofa mu muka kafe. Kuma ba na goyon bayan masu cewa a hana girki a shaguna. Yaran nan daga Kiyawa da Jahun da ƙauyukan kewaye suke zuwa, in ba su dafa ba ba za su ci ba, kuma gawayi a cikin shagon katako ba shi ne mafita ba. Abin da nake cewa a fitar da kicin ɗin waje, ko rumfar kwano ce a gefen shago inda iska ke wucewa, silinda a tsaye, wadda ba a amfani da ita kada ta zauna kusa da wadda ake girki da ita. Tiyo da maɗaurinsa ba su kai kuɗin yadin kujera ɗaya ba. In ana shakka a shafa ruwan sabulu a mahaɗar, in ya yi kumfa yana tsiyaya. A rufe daga silinda duk lokacin da aka sauke tukunya.

Wanda ya fi wannan, kuma ko kwabo ba ya ci: kowane oga ya san yaransa nawa ne a shago yau, ya nuna musu bishiya ko turken lantarki can nesa ya ce in wani abu ya faru a can za mu haɗu in ƙirga ku. Ƙungiyoyin kafintoci da masu walda da teloli suna taro ana karɓar kuɗin wata, me zai hana su gayyaci 'yan kwana-kwana rana ɗaya su nuna wa yara yadda ake rufe silinda mai ci da wuta, da lokacin da ake barinta a gudu? Mu kuma da ke ofisoshin da ake ba da izinin gini da na kasuwanci, mu tambayi kanmu yaushe rabon da a ƙi sa hannu a kan shago saboda ƙofarsa ɗaya.

Jiya na je duba yaron, an canza masa bandeji, ya fara takawa da sanda. Daga can na biya shagon na tarar an fara kwashe toka. Na ce wa mai shi in za a tayar da bangon baya a bar ƙofa a wurin tagar nan. Ya ce shi ya yarda, mai ginin ne yake cewa ƙofar baya hanyar ɓarayi ce. Mun yi da shi ranar Asabar bayan la'asar za mu je mu same shi tare, kuma mai waldan da ya ɓalle rodin ya ce zai raka mu.